Kafin Ka Ajiye Aiki Ka Kama Kasuwanci: Yadda Za Ka Auna Shirinka

Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana karɓar albashi ya saba da wani tsari wanda shi kansa ba ya lura da shi, wato ko ya yi ciwo, ko ruwa ya hana shi fita, ko aiki ya yi sauƙi a ofis, ƙarshen wata kuɗi za su shigo. Mai shago ya san haka, shi ya sa yake ba shi kaya bashi ba tare da gardama ba, kuma uwargida ta san haka, shi ya sa take iya haƙuri da kwana goman ƙarshe na wata. Ranar da mutum ya ajiye aiki, wannan tabbacin da gida da maƙwabta suka jingina da shi yana tafiya tare da albashin. Saboda haka tambayar da ta kamata mai niyyar kasuwanci ya yi wa kansa ita ce, shin gidansa zai iya ci da sha ba tare da an taɓa jari ba, har zuwa lokacin da kasuwancin zai fara ciyar da gidan? Yawan kuɗin da ke hannu ba ya amsa wannan tambaya, sai lissafi.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu bi misalin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka ma'aikaci ne a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a Jigawa, yana da shekara 47, ya yi shekara 22 yana aiki, yana da mata da 'ya'ya bakwai da mahaifiya a hannunsa, yana kuma da gona da shanun huɗa biyu. Abin da ke shiga hannunsa bayan an cire na cirewa naira 110,000 ne a wata. Niyyarsa ita ce ya buɗe shagon awo a garinsu, ya riƙa saro gero da dawa da masara a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, yana sayarwa kwano-kwano. Duk alƙaluman da za su biyo baya na misali ne. Kai sai ka sa naka a gurbinsu, da farashin da ka gani da idonka a makon da kake lissafi.

Mataki na farko: gano abin da gidanka yake ci

Yawancin ma'aikata idan aka tambaye su abin da suke kashewa a wata, adadin albashinsu suke faɗa, kuma kusan kullum amsar ba daidai ba ce. Hanyar gane gaskiya ita ce ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka na tsawon wata uku a jere, har da naira ɗari biyun da ka ba yaro ya tafi makaranta da kuɗin cajin waya. Wata ɗaya ba ya isa, domin akwai watan da ba a yi suna ko biki ko rashin lafiya ba, kuma irin wannan watan ba shi ne ma'auni ba.

Da ma'aikacinmu ya yi haka, sai ya ga cefane da sauran kayan abinci suna cin 70,000, duk da cewa geron gonarsa yana kai shi wata bakwai. Makarantar boko da Islamiyya 15,000, magani 10,000, man babur 18,000, waya 5,000, sannan gudummawar biki da suna da gaisuwar rasuwa da taimakon dangi 12,000. Jimla 130,000 ke nan. Sai kuma abubuwan da ke zuwa sau ɗaya a shekara, waɗanda su ne suka fi ɓacewa daga lissafin mutane: taki da ƙwadago da iri 240,000, kayan sallah biyu da ragon layya 180,000, gyaran rufi da katanga bayan damina 60,000. Wannan ya kama 480,000, wato 40,000 a kowane wata idan aka raba shi goma sha biyu. Ashe gidan da ake zaton yana tafiya a kan 110,000 yana cin 170,000 ne.

Ina ragowar take fitowa? Riɗi da gyaɗar da yake sayarwa da awakin da ake kai wa kasuwa lokaci zuwa lokaci suna kawo kimanin 480,000 a shekara, sun rufe na shekara-shekara ke nan. Saura giɓin 20,000 a kowane wata, kuma wannan giɓin bashin mai shago ne da rancen abokan aiki suke cike shi. Abin da ya fito fili shi ne, shagon da zai buɗe dole ya ba shi 130,000 a wata riba tsantsa, fiye da albashin da yake shirin bari, domin masu ba shi lamuni saboda ƙarshen wata ba za su ci gaba ba. Ka rubuta naka adadin a shafin farko na littafin, domin duk sauran matakan da shi za a gwada su.

Mataki na biyu: tace jarin

Idan ka tambayi ma'aikacinmu nawa ne jarinsa, zai ce miliyan uku, kuma ba ƙarya yake yi ba, sai dai ya haɗa abubuwan da ba sa haɗuwa. Yana da 1,400,000 a banki, shanunsa za su yi 1,300,000, sannan yana jiran kwasar adashi ta 300,000 nan da wata huɗu. A bayan zuciyarsa kuma akwai garatuti.

Shanun huɗa ba jari ba ne, domin su ne suke noma geron da ke riƙe gida wata bakwai. Idan aka sayar da su, kuɗin hayar garma zai shigo cikin lissafin mataki na farko ya ƙara masa nauyi, kuma mai haya ba ya zuwa ranar da ƙasa ta yi daidai, sai ranar da ya gama da waɗanda suka riga ka. Adashi kuwa bashi ne idan ka kwasa kafin zagaye ya ƙare, tunda zubi yana nan a kanka, kuma albashin da ake yin zubin da shi shi ne za a bari. Garatuti da duk wani haƙƙi da bai shigo hannu ba, kada ka sa shi a lissafi ko da kwabo, saboda tsakanin cika takardu da ganin kuɗi akan ɗauki lokacin da ba kai ke da iko da shi ba, kuma mai gidan haya da dillali ba sa karɓar takardar jira.

Saura 1,400,000. Daga nan a cire bashi: ragowar rancen banki da ake yanka daga albashi 250,000, da bashin mai shago 60,000. Saura 1,090,000. Yanzu sai a ware kuɗin gida, wato abin da iyali za su ci a watannin da shago bai tsaya da ƙafarsa ba. A ganina wata shida shi ne mafi ƙaranci ga sana'ar da ake ciniki kullum, amma ga wanda zai sayi hatsi da kaka ya ajiye sai bazara, ko mai kiwon turka, sai ya ware na wata tara zuwa shekara, domin kuɗinsa a kulle suke har ranar sayarwa. Wata shida sau 130,000 ya kama 780,000. Saura 310,000. A cire hayar shago ta shekara 60,000, da kwanuka da katakan da za a ɗora buhuna a kai da kwaɗo da ɗan gyara 40,000. Abin da ya rage na sayen kaya 210,000 ne, wato buhu huɗu idan buhu yana 50,000.

Daga miliyan uku zuwa buhu huɗu akwai ciwo, amma gara a ji ciwon a kan takarda. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan zuba duka 1,400,000 a kaya, shago ya cika ya yi kyan gani, sannan a fara ɗiban cefane daga aljihun ciniki. Wannan shi ne cin uwar kuɗi, kuma abin tsoro game da shi shi ne ba a ganinsa da wuri. Ciniki yana tafiya, kuɗi suna shiga hannu kullum, sai dai duk mako buhunan da ake iya sarowa suna raguwa da ɗaya, har ranar da za a tarar shagon ya zama fili.

Mataki na uku: lissafin buhu ɗaya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ake gane ko sana'ar za ta iya ɗaukar gidan ko ba za ta iya ba. Ka ɗauki abu ɗaya da za ka fi sayarwa, ka bi shi daga inda aka saye shi har zuwa hannun mai saye, kana rubuta duk inda naira ta zube.

Buhun gero a kasuwa 50,000. La'adar dillali 500, dako da lodi 500, kuɗin mota zuwa garinku 1,500, rasit ɗin kasuwa da ƙananan abubuwa 300. Buhun ya iso shago a kan 52,800. Ana ƙiyasta babban buhu da kwano arba'in, amma mai awo ba ya sayar da arba'in, saboda akwai gyara da ake yi wa mai saye, akwai wanda ke zuba a ƙasa, akwai tsakuwa da ƙaiƙayi da ke sauka a gindin buhu, wani lokaci kuma tun daga kasuwa buhun bai cika ba. Mu ce 39 aka samu. Idan kwano yana 1,450, buhun ya kawo 56,550, ribarsa 3,750.

Gida yana buƙatar 130,000, shago kuma yana da nasa cin: haya 5,000 a wata da yaron shago 15,000, tunda dole a bar wani ranar da aka tafi sari. Jimla 150,000. Idan aka raba da 3,750, sai a ga dole a sayar da buhu arba'in a wata, wato goma a mako, wato kimanin kwano 52 kowace rana ba fashi. Buhu goma a mako kuwa yana buƙatar 528,000 da za su riƙa juyawa, alhali 210,000 ke hannu. Da buhu huɗu a mako, ko da an sayar da su duka kuɗi hannu, ribar wata 60,000 ce, idan aka cire cin shago saura 40,000, bai kai sulusin abin da gida ke nema ba.

Ko da jarin ya isa, akwai tambaya ta biyu: garin yana da masu sayen kwano 52 a rana daga hannun sabon mai awo? Wannan ba a sanin sa da zato. Ka je ka zauna kusa da masu awon garinku da yamma bayan la'asar, lokacin da magidanta ke yin awo, ka ƙirga mutum nawa suka saya da kwano nawa, ka yi haka ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, ka kuma maimaita a lokuta daban-daban na shekara. Cinikin hatsi a ƙauye ba kamar na birni ba ne. Da kaka, daga Oktoba zuwa wajen Janairu, rumbuna cike suke, kowa mai sayarwa ne, mai awo yana iya wuni bai auna kwano goma ba. Ciniki yana tashi ne daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da abincin gida ya ƙare, kuma a daidai lokacin ne kuɗi suka fi wuya a hannun mutane, don haka rabin masu zuwa bashi suke nema zuwa kaka. Wanda ya yi ƙirgarsa a watan Yuli kaɗai zai ɗauka ya sami ma'adini, wanda ya yi a Nuwamba kaɗai zai ɗauka babu kasuwa, kuma dukansu sun yi kuskure.

Daga nan sai ka girgiza lissafin ka ga ko zai tsaya. Idan kuɗin mota ya ninka, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ribar buhu ta sauko daga 3,750 zuwa 2,250, kuma buhunan da ake buƙata sun haura sittin. Idan farashi ya faɗi da 5,000 a kasuwa alhali kana da buhu goma a shago, ka yi asarar 50,000 a mako ɗaya, domin maƙwabcinka da ya saro sabo zai sauke farashinsa kuma dole ka bi shi. Masu ajiyar hatsi da suka ga tsadar 2024 suka ɗauka haka za a ci gaba sun sha wannan a 2025 da farashi ya sauko. Sannan ka tuna da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa sayen buhu a kasuwar ƙauye saboda manomi ba ya karɓar taransifa. Lissafin da ba ya jure irin wannan girgiza ko sau ɗaya, bai kai a jingina gida da shi ba.

Mataki na huɗu: gwaji tun albashi yana shigowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ke sama lissafin takarda ne, kuma ba ya zama ilimi sai an taɓa shi da hannu. Sai dai a nan akwai iyaka ta doka da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya sani. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa ko shiga cikin tafiyar da shi, amma sun ware noma, wanda aka halatta masa. Ma'aikacin kamfani ko makarantar kuɗi kuwa, takardar ɗaukarsa aiki ce za ta gaya masa abin da aka yarje masa. Don haka gwajin ma'aikacin gwamnati ba buɗe shago da sunansa ba ne, koyo ne da lura.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka nemi ɗan kasuwa da ya daɗe a harkar, ka roƙe shi ka riƙa bin sa kasuwa a ranakun hutunka. Gujungu Lahadi take ci, don haka ba ta taɓa ranar aiki. Maigatari ta Alhamis da Wudil ta Juma'a sai an haɗa da hutun shekara. Abin da za ka koya a can ba ya cikin littafi: yadda ake zura hannu har tsakiyar buhu domin kada a yi maka kyakkyawa a sama mummuna a ƙasa, yadda ake cizon ƙwaya a ji ko ta bushe, domin hatsi mai laima yana nauyi a kasuwa sannan ya yi fumfuna a shago, yadda ake gane waken da ƙwari suka fara shiga, da kuma wane lokaci na wuni farashi yake sauka. Kayan gonarka ma makaranta ce. Maimakon ka miƙa wa dillali riɗinka ka koma gefe, ka tsaya ka ga yadda aka auna, nawa aka cire, wa ya saya.

Idan kana son kuɗinka su shiga gwajin, akwai ƙiradi da malamanmu suka yi bayani a littattafan fiƙihu: kai ka ba da jari, wani ya yi aikin, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, asara kuma a kan mai jari take matuƙar mai juyawa bai yi sakaci ko ha'inci ba. Ka ba da abin da za ka iya rasawa, kamar 200,000, a rubuta a gaban shaidu, ka kuma sharɗanta cewa za a riƙa nuna maka lissafin kowane sari. Ribar da za ka samu ba ita ce abin nema ba. Abin nema shi ne bayan shekara guda, da ta haɗa kaka da bazara da damina, ka gwada alƙaluman gaskiya da waɗanda ka rubuta a mataki na uku. Idan ribar buhu ta fito 2,500 maimakon 3,750, ka sayi wannan sanin da araha.

Mataki na biyar: bakinka da matsayinka

Akwai abin da lissafi ba ya kamawa, kuma na ga ya karya ma'aikata fiye da faɗuwar farashi, wato bashi. Mutumin da gari ya sani da albashi, ranar da ya buɗe shago kowa yana ɗauka yana da wani abu a gefe. Ƙanen mahaifinka zai aiko a auna masa kwano biyar, surukinka zai aiko, tsohon abokin aikinka zai ce ƙarshen wata, kuma kai da ka shekara ashirin ana yi maka irin wannan lamunin za ka ji nauyin hanawa. Ka duba alƙaluman: buhu ɗaya da ya tafi bai dawo ba, 52,800, ya cinye ribar buhu goma sha huɗu. Ko wanda zai biya da kaka, ya riƙe maka kuɗin da da sun juya sau goma sha biyu ko fiye kafin lokacin.

Gwajin wannan yana cikin tarihinka. Ka lissafa mutanen da ka ranta wa kuɗi a shekara biyun da suka wuce, nawa suka biya, kuma nawa ka iya buɗe baki ka tambaya. Idan ka tarar yawancinsu ka bar wa Allah ne saboda kunya, to haka za ka yi a shago. Maganinsa ba rowa ba ne. Ka ware adadin taimako a wata, wanda ka riga ka sa a lissafin gida, ka bayar da shi a matsayin kyauta daga aljihunka, sannan ka sa wa bashin shago iyaka da ba za ta wuce ba, misali kashi ɗaya cikin goma na jari, a rubuce a littafi. Idan ka san ba za ka iya cewa "Baba, a yi haƙuri, littafin bashi ya cika" ba, to ko dai ka sa wani a kan awo wanda zai iya, ko ka nemi sana'ar da ba a saba cin bashinta ba.

Haka kuma ka zauna da uwargida ka nuna mata littafin, domin ita ce za ta ji canjin kafin kowa, kuma sau da yawa ita ce ta san ainihin kwanon da gida ke ci a mako. Ka kuma tambayi jikinka da gaskiya. Fita da asuba a bayan motar kaya, wuni a rana ana ciniki, dawowa bayan isha'i, ga wanda ke da hawan jini ko ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a shago babu hutun rashin lafiya mai albashi.

Mataki na shida: abin da za ka bari a baya

Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka je ofishin fansho da kanka ka nemi a lissafa maka abu biyu: abin da za ka samu idan ka fita bana, da abin da za ka samu idan ka kai ƙarshen wa'adi. A ƙa'idar aikin gwamnati ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, duk wanda ya riga zuwa, don haka ma'aikacinmu yana da sauran shekara 13. Jihohin Kano da Jigawa kowacce tana da nata tsarin fansho na ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi, saboda haka kada ka ɗauki labarin ma'aikacin tarayya ka yi wa kanka hukunci da shi. Wanda yake ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kamar ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, idan ya bar aiki bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa kaɗai zai iya cira, sauran sai lokacinsa ya yi. Ka tambayi kuma tsawon sanarwar da ake buƙata, da ko akwai damar hutu ba albashi, domin fita ba bisa ƙa'ida ba tana iya jawo maka asarar haƙƙin da ka tara shekara da shekaru.

Hukunci

Idan ka jera sakamakon, ɗaya daga cikin abu uku zai bayyana. Ko dai ka shirya, wato babu bashi a kanka, kuɗin gida na wata shida suna gefe, jarin da ya rage ya kai adadin kayan da lissafi ya nema, kuma gwajin shekara guda ya tabbatar da ribar. Ko sana'ar tana da kyau amma kai ba ka kai ba tukuna. Ko kuma sana'ar ce ba za ta iya ɗaukar gidanka ba ko da jari ya ninka, saboda garin ba shi da masu sayen da ake buƙata, kuma a nan ƙarin kuɗi ba ya magani, sai sauya sana'a ko sauya wuri.

Ma'aikacinmu yana rukuni na biyu, idan ƙirgar da ya yi a gari ta nuna akwai masu saye. Abin da ke gabansa a bayyane yake: ya biya 310,000 da ake bin sa, wanda zai sa yankan banki ya tsaya albashinsa ya ɗan ƙaru, ya toshe giɓin 20,000 na wata, ya ɗaga jarin kaya daga 210,000 zuwa kimanin 600,000, domin ya ɗauki buhu goma a mako da ɗan abin da bashi zai riƙe, ya kuma kammala shekarar koyo. Da abin da zai iya tarawa daga albashi da gona, wannan aikin shekara biyu ne ko kusa da haka. Idan lokacin ya yi, ya tsara fitarsa ta yadda shago zai buɗe a farkon bazara, sa'ad da ciniki ke tashi, maimakon da kaka inda zai ci kuɗin gida wata huɗu yana jiran masu saye. Tun kafin ya buɗe kuma ya rubuta iyakarsa a littafin nan: duk ƙarshen wata zai ƙirga buhunan da ke shago da kuɗin da ke hannu da bashin da yake da tabbacin karɓa, kuma idan jimlar ta sauko ƙasa da kashi biyu cikin uku na jarin farko, ko kuɗin gida suka rage na wata biyu alhali shago bai fara biyan rabin cefane ba, zai dakatar da sari ya sake lissafi tun shanun huɗa suna turkensu.